Bututun matsi: zafi bai fita ba, amma iska ta huce

"Malam, idan zafi bai fita ta bangon bututu ba, ai iskar za ta fita da zafinta yadda ta shiga?"

A'a. Ɗalibai da yawa a nan Sakkwato suna tuntuɓe a wannan wurin, kuma abin yana damuna, don kuskuren yana bin su har kan tabain da kwamfureso.

Abin da ba ya canzawa shi ne jimillar makamashin iskar. Bututun da ke tsukewa ba ya juya komai da zai ɗauke makamashin, saboda haka:

h1 + V1²/2 = h2 + V2²/2

V shi ne gudun iskar, 1 mashiga ce, 2 kuma mafita. Gudu ya ƙaru, dole entalfi, wato h, makamashin da ke tafiya da zafin iskar, ya ragu.

A ce iska ta shiga a hankali da zafin digiri 200, ta fita da gudun mita 300 a daƙiƙa. V²/2 zai ba da jul 45,000 a kowane kilo. A raba da cp na iska, wato jul ɗin da ke ɗaga zafin kilo ɗaya da digiri ɗaya, wajen 1005, zafinta ya sauka da kusan digiri 45, ta fita da 155. Ba inda makamashin ya zurare, gudu ya zama.

A kula da ma'auni: V²/2 jul yake bayarwa, teburin entalfi kuwa kilojul. Wanda ya manta rabawa da 1000 zai ga zafi ya faɗi da digiri dubbai.