Yadda ake lissafa ƙarin kuɗin ruwa

"Wai Babban Bankin Najeriya, CBN, da ka yake ƙara kuɗin ruwa?"

Malam, akwai ma'aunin da masanin tattalin arziki John Taylor ya fitar a 1993. A ƙaddara hauhawar farashi kashi 15 ce, ana son 9, ta zarce da 6. Abin da ƙasa ke samarwa kuma ya haura ƙarfinta da kashi 2. Sai a ɗauki ainihin ruwa, wato ruwan da ya rage bayan an cire hauhawar farashi, a kan 2, a tara da 15, da rabin kowace tazara: 2 + 15 + 3 + 1 = 21, wato kuɗin ruwa ya zama kashi 21.

Hauhawa ta ƙaru da 1, ruwa ya ƙaru da 1.5, don in ƙarin ruwan bai kai 1 ba, bashi araha yake yi. Sai dai ƙarfin ƙasa ƙiyasi ne, kuma in ƙarancin masara ya tada farashi a kasuwar Gombe, ƙarin ruwa ba ya cika buhu.