Hoto yana tona asirin kafaɗa, amma tsayi sai an bi a hankali

Jiya wani abokina ya turo min hotonsa cikin sabuwar kwat, wai in duba masa ko tela ya yi aiki. Yana gaban madubi, hannu ɗaya riƙe da waya, ɗayan a aljihu. Na ce, "Malam, a wannan tsayuwar ai ba a gane ɗinki. Sauke hannuwanka, wani ya ɗauke ka."

Ni a ganina kafaɗa ce abin da hoto ya fi faɗin gaskiya a kai. Ɗinkin da ya haɗa hannu da jikin riga ya kamata ya tsaya daidai inda ƙashin kafaɗa ya ƙare. Da hoto na biyu ya iso, sai na ga kafaɗar kwat ɗin ta zarce tasa da kamar inci ɗaya, ƙasan soson kuma ya lotsa ya yi ɗan rami, don babu naman da zai cike wurin. Da a ce matsewa ta yi, da an ga yadin yana ja daga maɓalli zuwa hammata, saman hannun kuma ya tattare. Haka abin yake a kaftani, sai dai sabuwar shadda mai sitati tana da rufin asiri. A tsaye take ƙyam, sai an wanke ta kafaɗar za ta zubo kan damtse.

Babbar riga kam ba a yi mata wannan awon, tunda faɗinta naɗe shi ake yi a kafaɗa. Wuya nake dubawa, ko ya zauna a tsakiya ko ya karkace.

Tsayi ne inda mutane suke zaluntar tela. Idan mai ɗaukar hoton ya matso kusa ya ɗaga waya sama, ƙafafu sai su gajarce, rigar ta zama kamar ta aro. Idan ya durƙusa kuma, sai ta koma ɗangalalliya. Sai ya ja baya kamar taku 4, ya riƙe wayar daidai ƙugu, sannan zan buɗe baki. A nan ne ake ganin ko kwat ta rufe mazaunai, ko hannunta ya tsaya a wuyan hannu ya bar kamar rabin inci na rigar ciki a waje.

Hoton gefe ma ina nema, musamman ga mai tumbi, domin ciki yana ɗage gaban kaftani ya bar baya yana reto, daga gaba kuwa ba za ka taɓa lura ba.

Abokin nawa dai tsayin kwat ɗinsa lafiya lau. Kafaɗar ce matsala, ita kuwa gyaranta sai an farke hannuwan biyu an sake zaunar da su. Har yanzu bai ba ni amsa ba.