Sauya kalar riga a hoto: aikin yana wajen kewayewa

Masu sayar da leshi da shadda a intanet sun gano dabara: a ɗauki hoton riga ɗaya, a fito da ita kala biyar. Ba laifi, muddin kalolin suna nan a shago. Matsalar ita ce da yawa sun ɗauka zaɓen kala ne aikin, alhali kewaye rigar da kyau shi ne kusan komai.

Ɗauki jar riga da ake son mayarwa koriya a Photoshop. Mai gaggawa zai buɗe Hue/Saturation, ya zaɓi Reds, ya ja Hue zuwa +120. Riga ta koma koriya, amma fuska da hannuwa ma sun yi kore-kore. Dalili kuwa, fatar mutum, baƙi ne ko fari, launinta yana tsakanin ja da ruwan lemo, kuma iyakar Reds tana miƙewa har digiri 45 a da'irar launuka, ta haɗa da fatar. Da rigar shuɗiya ce da an tsira, shi ya sa wasu ke zaton hanyar na aiki kullum.

A ganina, sai dai a bi doguwar hanya. A kewaye rigar da Pen Tool, a mayar da kewayen Selection, a sa Feather na fiksel 1 ko 2 don kada gefen ya zama kamar yankan almakashi, sannan a ɗora Hue/Saturation a kai, abin da aka kewaye ya zama Layer Mask, wato sauyin kala ya tsaya a cikinsa kaɗai. Daga nan a faɗaɗa hoton zuwa 200%, a bi wuya, hammata da tsakanin yatsu, inda siririn jan layi ke maƙalewa. A leshi kuma akwai ƙarin wahala, domin fata na leƙowa ta ramukansa. A nan sai a shafe wuraren da baƙin buroshi a kan mask ɗin.

Akwai abin da ake yawan mantawa. Jar riga tana jefa haskenta a ƙarƙashin haɓa da cikin hannu. Idan riga ta zama koriya amma haɓa na nan da ja, ido zai gane ko da mai kallo bai san me ya dame shi ba. Wannan jan kaɗai za a rage wa Saturation, a hankali, ba tare da taɓa sauran fatar ba.

Farar shadda ba ta jin Hue ko kaɗan, don ba launin da za a juya. A ɗora mata Solid Color, a mayar da shi Multiply, a daidaita haske da Curves har ƙyallin bugu da zanen jikinta su dawo.