Wuta a Kan Dutse, Bashin Shinkafa da Wake a Kaina

Ajina na firamare huɗu a Aboabo, nan Kumasi, yara 64 ne: mata 35, maza 29. Ƙwallo ɗaya gare mu, ita ma tana kulle a ofis, mabuɗin kuma yana aljihun wani malami da ya tafi taro. Filin wasanmu wani tsiri ne mai ƙura tsakanin azuzuwa da katanga, a ƙarshensa akwai teburin Hajiya mai shinkafa da wake. Minti 30 aka ba ni in motsa wa wannan rundunar jini.

Na fara da kyanwa da ɓera. Yara biyu na tsere, 62 na tsaye a da'ira suna kallo, kuma yaron da ya tsaya ba aikin yi, aikin zai ƙirƙiro wa kansa. Kafin kyanwa ta kama ɓera an mintsini mutum uku, an cire wa wata takalmi. Na ce to a yi ampe, mazan suka ce su ba mata ba ne da za su yi ta tafi da tsalle.

Sai na koma wa wuta a kan dutse, wasan da ba ya neman komai sai ƙafa da maƙogwaro. Kowa na gudu a zagaye, mai kira na rera cewa wuta ta kama, su kuma suna amsawa da "gudu, gudu, gudu". Kwatsam sai a kira lamba, a ce biyar, kowa ya nemi 'yan uwa su cika biyar. Wanda bai samu gungu ba ya fita. Haka muka taso muka tarar ana yi.

A lissafi, idan na kira biyar a cikin 64, gungu 12 za a samu, huɗu su rage. A fili kuwa ba haka abin yake ba. Wani gungu sun tsaya su huɗu suna jiran aminiyarsu, wani sun zama bakwai sun ƙi korar kowa, sai ga mutum 14 a waje tun zagayen farko. Kuma ku dubi waɗanda ke fita: ƙananan aji, da yarinyar da ƙafarta ke da shan inna, da sabon yaron da ya zo daga arewa bai yi abokai ba tukuna. Wato waɗanda suka fi bukatar wasan su ne farkon barinsa. Kafin minti 10 rabin ajin na gindin katanga.

Ni ina can na ba su baya ina ta kururuwar wuta ta kama, har muryata ta fara dushewa, sai na ji Hajiya na kira: "Malam, Allah ya saka da alheri! A saka musu ƙwai, ko haka ya isa?"

Na juya. Yara bakwai a jere a kan bencinta, kowa da ganyensa a hannu, har da taliya da garin rogo a kai. Ashe wani mai wayo a cikinsu ne ya ce mata Malam ya ce duk wanda ya fita a ba shi ya rage zafi.

"Hajiya, ni na ce?"

"To, ɗana, ai ba zan kwashe daga cikinsu in mayar tukunya ba."

Aka rubuta ni a littafin bashi, a ƙarƙashin wani direba.

Mako na gaba na zo da sabuwar doka: ba mai fita. Waɗanda suka rage su ne 'yan kwana-kwana. Za su shigo tsakiya, su yi tsallen kwaɗo biyar don kashe wutar, su zaɓi lambar da za a kira a gaba, sannan su koma cikin gudu. Hukuncin bai kai rabin minti ba, har wasu suka fara ƙin shiga gungu da gangan don a ba su kira, dole na ce mutum ba ya yin kwana-kwana sau biyu a jere.

Na kuma raba da'irar gida biyu, ƙanana a ciki, manya a waje, duka suna bin gefe ɗaya. Gware yawanci daga mai gudu a juye yake zuwa, ko ƙato ya taka ƙarami. Da'irar ciki gajera ce, don haka yarinyar nan mai ciwon ƙafa tana tafiya da sauri-sauri kawai, kuma idan aka kira lamba ita ce a tsakiyar jama'a, ba sai ta bi kowa ba. Usur ba ni da shi, muryata kuma ta riga ta ba ni gargaɗi, sai muka yi alama: in tafa uku, su amsa da tafi uku, kowa ya daskare a inda yake.

Lambar da za a kira ma ba da ka ake jefa ta ba. Biyu da uku suna haɗuwa nan take, su ake farawa da su. Abin da ya wuce takwas kuwa ƙirga ce za ta cinye lokacin, kowa na ƙirga kowa yana mance kansa. Idan ina son kada kowa ya rage, sai in kira abin da ke raba yawan ajin daidai, a 64 shi ne biyu, huɗu ko takwas.

Da wannan ilimin na ɗaga murya na kira takwas, ina jiran gungu takwas cif. Matan suka yi gungu huɗu, uku suka rage. Mazan suka yi uku, biyar suka rage. Uku da biyar takwas ne ko a wace makaranta, amma suka tsaya nesa da juna suna hararar juna, don a aji huɗu yaro ya gwammace tsallen kwaɗo ɗari da ya riƙe hannun mace. Na ce to an soke riƙe hannu, a tsuguna wuri ɗaya kawai. Suka tsuguna, kowa ya juya wa kowa ƙeya.

Ranar Juma'a na sake kiran takwas, cike da yarda da lissafina. Abin da ban sani ba, wani yaro ya zame ya tafi ban ɗaki. Gungu bakwai suka cika, na ƙarshe suka tsaya su bakwai suna waige-waige. Daidai lokacin hedimasta ya ratso filin cikin farin kaftani mai sitati, da dardumarsa a kafaɗa, zai yi sammakon masallaci.

Sabon yaron nan, wanda makon jiya ko magana ba ya yi, shi ya fara kai hannu. Sauran shidan suka rufa masa baya, hannuwa 14 masu jar ƙasa suka riƙe kaftanin ta ko'ina suna ihun "Takwas! Mun cika!" Ƙaramar cikinsu ta ja shi ƙasa ta ce, "Masta, sai ka tsuguna, in ba haka ba tsallen kwaɗo ne."

Ya dube ni, ya dubi kaftanin, ya tambaya ko tsallen nawa ne. Aka ce biyar. Ya tattare rigarsa ya tsuguna.

Da ya miƙe yana kakkaɓe hularsa ya ce in same shi a ofis bayan an sauko, kuma in taho da kuɗin wanki da guga. Hajiya, da ta ga komai daga teburinta, ta ɗaga murya ta ce in dai biya ake yi yau, ita ce ta riga shiga layi.