Ƙugiya a cikin saƙo: abin da banki ke nufi da phishing da smishing

Ƙannena da sa'o'ina, akwai wani saƙo da banki kan turo lokaci zuwa lokaci wanda yawancinmu ba ma karanta shi zuwa ƙarshe. Da mun ga ba kuɗi ne suka shigo ba, sai mu share. A ciki za ka ga an ce ka yi hattara da phishing da smishing, kuma banki ba zai taɓa tambayarka PIN ko OTP ba. Abin da ke damuna shi ne kalmomin nan biyu sun zama kamar ado a saƙon, muna ganinsu kullum amma ba mu san abin da suke nufi ba. Wanda kuwa bai san kamannin tarko ba, ko an ce masa akwai tarko a hanya, sai ya taka.

Phishing daga kalmar Turanci ta kamun kifi, wato fishing, aka samo ta, aka sauya mata harafin farko, kuma tun tsakiyar shekarun 1990 ake amfani da ita, lokacin da 'yan damfara ke yaudarar masu amfani da AOL, wani kamfanin intanet na Amurka, su ba da kalmar sirrinsu. Sunan ya dace da aikin. Mai fatsa ba ya bin kifi da gudu cikin ruwa. Koto yake sa wa ƙugiya ya jefa, ya zauna yana jira kifin ya kawo kansa. Haka ɗan damfara yake yi: ya turo saƙo da sunan bankinka, galibi ta imel, da linki da zai kai ka shafin bogi mai kama da na banki, kai da hannunka ka rubuta masa bayananka. Smishing kuwa wannan aikin ne dai, sai dai ta saƙon tes ake yi, an haɗa SMS da phishing aka sami sunan. Idan ta kiran waya aka biyo, shi ne vishing, wanda wasu bankunan kan ambata tare da su.

Ku lura da abu ɗaya a nan, don shi ne zuciyar maganar. A duk ukun, ɓarawon bai fasa banki ba, bai kutsa cikin wayarka ba. Tambayarka mabuɗi ya yi, ka miƙa masa. Shi ya sa banki ke ta nanata gargaɗi, domin duk ƙarfin katangar da ya gina, ba ta hana mai gida buɗe ƙofa da kansa.

Bari mu bi smishing daki-daki, don shi ya fi kama matasa, tunda waya ba ta barin hannunmu. Mu ɗauka da misalin ƙarfe 9 na dare saƙo ya shigo maka: an dakatar da asusunka saboda wani yunƙuri da ba a gane ba, ka latsa nan ka tabbatar da bayananka cikin minti 30, in ba haka ba a rufe shi. A saman saƙon sunan bankinka ne, kuma ya faɗo cikin jerin saƙonnin da banki ya saba turo maka, ƙarƙashin sanarwar kuɗin da ka cire jiya. A nan masu wayo da yawa ke faɗawa. Sukan ce ai daga banki ne, ga shi a wuri ɗaya da sauran. To ku sani, sunan mai aikawa da ke bayyana a saman tes rubutu ne kawai, kuma a wurare da yawa ana iya ƙirƙirarsa. Wayarka ba ta bincike, duk saƙonnin da suka zo da suna iri ɗaya sai ta jera su wuri guda. Zaman saƙo cikin jerin na banki ba shaida ba ne.

Ka latsa. Shafi ya buɗe da tambarin banki da launinsa, har da ɗan hoton kwaɗo kusa da adireshi. Kwaɗon nan ma yana ruɗin mutane. Abin da yake nufi kawai shi ne abin da ka rubuta zai tafi a lulluɓe tsakaninka da mai shafin, wani ba zai leƙa a hanya ba. Bai ce mai shafin mutumin kirki ne ba. Ɗan damfara ma yana samun kwaɗon, a kyauta. Abin da ke tona asiri shi ne adireshin kansa, kuma akwai yadda ake karanta shi. Dubi wannan misali:

```
https://banki.com.example.net/login
```

Ido yakan tsaya a `banki.com` da ke farko, zuciya ta kwanta. Amma mai shafi ba a farko yake ba. Ka wuce `https://`, ka nemi alamar `/` ta farko bayan haka, sannan ka duba sunan da ke manne da ita ta hagu. A nan `example.net` ne, shi ne mai gidan. Duk abin da ya gabace shi, mai gidan ne ya rubuta abin da ya ga dama, kamar wanda ya kafa allon wani a ƙofarsa. Wani lokaci kuma harafi ɗaya suke sauyawa, su sa lamba `1` a gurbin harafin `l`, ko su gajarta linkin yadda ba ka ganin inda zai kai ka. A ƙaramin allon waya, inda ake yanke rabin adireshi, wannan yana wuce ido cikin sauƙi.

Shafin ya nemi sunan shigarka da kalmar sirri, ka rubuta. Ya nemi lambar katinka, wadda galibi lambobi 16 ce, da watan ƙarewarsa, da lambobi 3 na bayan kati da ake kira CVV. Ka rubuta. Sai wani abu ya fara juyawa a allo, an ce ka ɗan jira. Wannan jiran ba na banza ba ne. A daidai lokacin, ɗan damfarar yana can yana shigar da abin da ka ba shi a shafin banki na gaskiya. Bankin ya ga ana son shiga asusunka ko a tura kuɗi, sai ya yi abin da ya kamata, ya aiko da OTP zuwa wayarka, lambar nan ta amfani sau ɗaya, yawanci guda 6, mai mutuwa cikin 'yan mintoci. Shafin bogin ya ce ka shigar da lambar da aka turo maka yanzu. Kuma ga ta ta zo, daga bankin gaskiya! Wannan ne ke ƙara kwantar da hankalin mutum, ya ga komai yana tafiya daidai. Ka kwafa, ka liƙa. Kafin ka ajiye wayar, sanarwar fitar kuɗi ta shigo.

Ina roƙonku ku tsaya a kan wannan lamba, don ita ce ƙofar ƙarshe. Duk abin da ka bayar kafin ita, sau da yawa bai isa a kwashe kuɗinka ba. Kuma saƙon OTP ɗin kan zo da bayanin abin da ake son yi da shi: tura kuɗi kaza, ko sayen kaya, ko ɗora asusunka a sabuwar waya. Mu kuwa lambar kawai muke zara, ba ma karanta sauran. Da ka karanta, da ka ga an rubuta tura kuɗi alhali kai bayanai aka ce ka tabbatar. In lambar ta zo a kan abin da ba kai ka fara ba, ma'anarta wani yana riƙe da kalmar sirrinka ko bayanan katinka a wannan lokacin. Kada ka ba kowa ita, ko da ya ce shi ma'aikacin banki ne. Ma'aikacin gaskiya ba shi da buƙatarta.

An saba cewa a gane saƙon bogi ta kurakuran rubutu. A da wannan ya yi amfani, yanzu ban yarda ku dogara da shi ba, domin wasu saƙonnin tsaf suke, an kwafo lafazin banki kalma da kalma, wani ma har da sunanka, wanda aka samo daga bayanan da suka yoyo a wani wuri. Abin da ba sa iya ɓoyewa shi ne buƙatarsu. Dole su tsorata ka ko su kwaɗaita maka, dole su ƙayyade maka lokaci don kada ka yi tunani ko ka tambayi wani, kuma dole a ƙarshe su nemi wani sirri ko su ce ka sauke wata manhaja. Gaggawa aikin shaiɗan ce, kuma su sun san haka sarai. Saboda haka ni ba na wahalar da kaina wajen tantance ko saƙo na gaskiya ne. Ko wane iri ne, ba na bi ta linkin da ke cikinsa, ba na kiran lambar da ya bayar. Nakan rufe shi, in buɗe manhajar banki da kaina, ko in kira lambar da ke bayan katina. In da gaske akwai matsala a asusun, can zan tarar da ita.

To idan an riga an faɗa fa? Kunya ce ke cinye mutane a nan, musamman mu da muke ganin mun san waya. Mutum ya yi shiru har gari ya waye, alhali kowane minti yana da daraja, don kuɗin sata ba sa kwana a asusun farko da aka tura su. In latsawa kawai ka yi ba ka rubuta komai ba, kuma ba ka sauke komai ba, yawanci haɗarin kaɗan ne, ka rufe shafin. In ka rubuta bayanan kati, ka toshe katin nan take ta manhaja ko ta kiran banki. In kalmar sirri ce, ka sauya ta, ka sauya a duk wani wurin da ka yi amfani da irinta, imel ɗinka a gaba, domin ta imel ake sake saita sauran. In manhaja suka sa ka sauke, ta yiwu tana karanta saƙonninka har da OTP, don haka ka katse intanet, ka cire ta, ka sauya kalmomin sirri daga wata na'urar. Kada ka goge saƙon, ka ɗauki hotonsa da lokacin da ya shigo, banki zai nema. Ba na yi maka alkawarin kuɗi za su dawo, amma wanda ya kai rahoto da wuri ya fi samun damar a tsayar da su.

Sannan ka sa ran kira na biyu. Bayan awa ɗaya ko kwana ɗaya wani zai bugo da murya mai natsuwa, ya ce daga sashen tsaro na banki yake, sun ga abin da ya faru, za su mayar maka da kuɗinka, ka karanto masa lambar da za ta shigo yanzu, ko ka tura ragowar zuwa wani asusu da ya kira amintacce. Zai faɗi adadin da aka cire daidai, domin shi ya cire. Lambar da ta bayyana a allonka ma tana iya zama ta bankin, don ita ma ana ƙirƙirarta. Ka kashe wayar, ka juya katinka, ka buga lambar da ke baya da yatsanka.