Sati shida sikeli ya kafe a kilo 89, ashe lissafina ne ya ɓule

Jama'a, wanga rubutu na masu cewa "wallahi ba ni cin komi amma ƙiba ta ƙi sauka" ne, don ni ma haka na riƙa faɗi har da rantsuwa. Ra'ayina a yau shi ne, in nauyinka ya tsaya cik na tsawon makonni, kar ka fara da rage abinci, kar kuma ka ruga sayen shayin rage tumbi. Fara da bincikar ko abin da kake rubutawa shi ne abin da ke shiga cikinka. Ni dai nan ne ɓarawon ya ɓoye.

Ga yadda abin ya faru. Shekarata 38, tsawona santimita 172, na fara da kilo 98. Na lissafa abin da jikina ke ƙonawa a rana da kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, ya kama 2,570, na cire kamar 500, na tsaya a cin 2,050. Wata biyar abin na tafiya lafiya lau, kusan rabin kilo duk sati, har na iso 89. Kaftanin da na aje tun bikin ƙanena ya koma shiga. Daga nan sai shiru. Sati ɗaya, biyu, huɗu, shida, kullum 89 da 'yan ɗigo, yau 88.7 gobe 89.4, ya koma. Kuma manhajar da nake rubuta abinci a waya kullum tana nuna min 2,000 zuwa 2,050, wato a takarda ni mutumin kirki ne.

A majalisarmu ta Mabera nan Sakkwato kowa ya zama likita. Wani ya ce jikina ya saba, wani ya ce in bar cin dare ɗungum, wani ya ce ai ƙibar gado ce ba ta da magani. Ni kuma har na yanke shawarar in koma 1,500. Abin da ya tsai da ni lissafi ne mai sauƙi. In nauyi bai hawa bai sauka har sati shida, to abin da ke shiga da abin da ke ƙonewa sun yi kunnen doki ke nan. Sati ɗaya ko biyu kana iya cewa ruwa ne, ko gishiri ya yi yawa, ko ciki bai saki ba, mata kuma lokacin al'ada na iya ƙara musu kilo guda ko fiye na ruwa zalla. Amma sati shida ya wuce wannan uzurin. Ko dai ina ƙona 2,050 kacal, ko kuma ina cin fiye da 2,050. Na biyun ne ban so in ji.

Sai na sayi ɗan sikelin kicin na dijital, irin wanda masu yin kek ke awon fulawa da shi, na ce sati guda ba zan canza komi ba, zan ci yadda na saba, awo kawai zan yi. Wannan sharaɗin na da muhimmanci, don in ka fara awo kuma ka fara kunya kana rage loma, ba za ka taɓa gane inda ramin yake ba.

Shinkafa ce ta fara tona min asiri. Abin da nake zaɓa a manhaja shi ne "faranti ɗaya", wanda sunka ƙiyasta giram 200 na dafaffa, kalori 260. Da na ɗora farantina na gaske, giram 330. Dafaffar farar shinkafa tana da kamar kalori 130 a giram 100, ke nan 430 nake ci ina rubuta 260. Kalori 170 sun ɓace a zama ɗaya. Kuma na tabbata lokacin da na fara, farantin bai kai haka ba, hannu ne ke ƙaruwa sannu sannu, ido bai gani. Ku kula da wani tarko nan: ɗanyar shinkafa kusan 360 ce a giram 100, dafaffa 130, don ta sha ruwa. In ka auna ɗanya ka zaɓi lambar dafaffa, ka yaudari kanka kusan ninki uku.

Amma babbar magana mai ne. Mu nan tukunya ɗaya ake yi wa gida duka, ba wanda ke dafa maka naka daban, shi ya sa da yawa ke cewa awon abinci na Turawa ne, ba zai yiwu da tuwo da miya ba. Yana yiwuwa, sai dai sai ka lallaɓi mai kicin. Ranar da na shiga da sikeli uwargida ta dube ni ta ce, "Malam, yau kuma awon miya anka koma? Ko dai kuɗin cefane ne ba ka yarda da su ba?" Na ce ba ke nake bincike ba, kaina nake bincike. Dabarar ita ce, a auna gorar mai kafin girki, a sake aunawa bayan girki, bambancin shi ne abin da ya shiga tukunya. Ranar farko giram 180 na man gyaɗa ya shiga miyar. Mai kowane iri, man gyaɗa ne ko manja, kalori 9 ne a giram ɗaya, ke nan 1,620 na kwance cikin tukunyar tun ba a yi maganar nama ba. Da miya ta nuna munka auna ta, an cire nauyin tukunya, kilo ɗaya da rabi. Abin da anka zuba min giram 250, kashi ɗaya cikin shida. Ke nan rabona na mai kaɗai 270. Ni kuwa wata da watanni ina rubuta "cokali ɗaya", 120. Ga wasu 150.

Ba kullum za ka yi wanga wahala ba. Miyar gida ba ta wuce kala huɗu ko biyar, kuka, kuɓewa, taushe, miyar dage-dage, in ka auna kowace sau biyu ka san lambarta, daga nan rabonka kawai za ka riƙa ɗorawa kan sikeli.

Na uku ita ce gyaɗa, kuma ita ba ƙarancin awo ba ne, ba ni rubuta ta sam. Bayan la'asar ana hira, yarinya ta zo da tire, a saya a zube tsakiya. Na ɗauki ƙulli ɗaya na kai gida na auna, giram 40, kalori kamar 230. Sau uku a sati, in ka raba kan kwana bakwai ya kama 100 a rana. A raina gyaɗa ba abinci ba ce, abin taɓa baki ce. Haka ƙuli-ƙuli, haka shayin majalisa da ake zuba wa sukari kamar ba gobe.

Ƙarshen sati na haɗa duka na raba bakwai, ya ba ni kusan 2,450 a rana. Ina rubuta 2,050. Ramin 400.

Sai mataki na biyu, sabon lissafi, don jikin kilo 89 bai ƙona abin da jikin kilo 98 ke ƙonawa. Na yi amfani da lissafin Mifflin-St Jeor, wanda anka fitar a 1990, shi ke ƙiyasta abin da jiki ke ƙonawa ko kana kwance:

```
10×kg + 6.25×cm − 5×shekaru + 5
```

Wato kg nauyinka ne a kilo, cm tsawonka a santimita; na maza ke nan, mace za ta cire 161 maimakon ƙara 5. Nawa a da: 980 da 1,075, a cire 190, a ƙara 5, ya ba da 1,870. Yanzu 890 ne a farko, sai ya koma 1,780. Ana ninka shi da lambar yawan motsi, mai zaman ofis da bai motsi 1.2, mai ɗan motsa jiki 1.375. Ni na biyun nake ɗauka saboda tattakin da nake yi bayan asuba, sai ya ba ni kusan 2,450.

Ku dubi lambobin nan biyu. Ina cin 2,450, ina ƙona 2,450. Sikeli bai yi min ƙarya ba ko kwana ɗaya.

Ga kuma abin da ya sa na ce awo ne farko. Saukar kilo tara ta rage min abin da nake ƙonawa da kalori 120 kacal, daga 2,570 zuwa 2,450. Kuskuren rubutu kuwa 400 ne, ya ninka shi fiye da sau uku. Da sabon lissafi kaɗai na yi, da na rage lamba a waya, hannuna na ci gaba da zuba abin da ya saba. Da kuma na koma 1,500 ɗin nan da gaske, yunwa za ta kore ni cikin kwana goma in dawo ina cewa na gwada komi. Kuma ba ni kaɗai ba ne, akwai wani sanannen bincike da anka buga a 1992 a Amurka kan masu cewa suna cin kaɗan amma ba su ramewa, da anka auna da gaske sai anka tarar abin da suke faɗi ya gaza abin da suke ci da kusan kashi 47 cikin ɗari. Ba maƙaryata ba ne, ido ne bai iya awo ba.

Sabon adadina 1,950, amma na gaskiya wannan karon. Ban bar wani abinci ba. Shinkafa ta koma giram 200 a kan sikeli, tuwo malmala ɗaya da na san nauyinta, miya kuma na roƙi a riƙa ɗebar min daga ƙasa ba daga saman da mai ke taruwa ba, kuma uwargida da kanta ta rage man tukunya zuwa giram 120, ba wanda ya lura a gidan, har yara. Gyaɗa ina ci, amma in na ci sai na rubuta kafin in tashi daga tabarma. Fura ce na sha wahala da ita, don a zafin Sakkwato ba mai raba ni da fura da nono, sai na koma dama ta a gida, curi ɗaya ba sukari.

Na kuma canza yadda nake hawa sikeli. Kullum da safe bayan na zaga, kafin in ci komi, sai in haɗa na kwana bakwai in raba, wannan matsakaicin kaɗai nake kallo. Satin farko 88.9, har na fara tsaki. Na biyu 88.3, na uku 87.9, na huɗu 87.4. Giɓin 500 a rana 3,500 ne a sati, kilo ɗaya na kitse kuma kamar 7,700 ne, ke nan ɗan ƙasa da rabin kilo a sati, kuma kusan haka abin ya tafi.

Lissafin nan ƙiyasi ne fa, yana iya kuskure da kashi goma cikin ɗari sama ko ƙasa, kuma lambar motsi ita mutane sunka fi yi wa kansu alfarma a kai. In zafin Afrilu ya hana ka fita, daga mota sai ofis sai ƙarƙashin fanka, to 1.375 ba taka ba ce kuma. Alƙali shi ne matsakaicin sati uku zuwa huɗu. In ka auna da gaske tsawon haka bai motsa ba, rage 100 zuwa 150 ko ka ƙara tafiya, kar ka zabge 500 lokaci guda. In kuwa kana ganin kumburin ƙafa, ko gajiya da jin sanyi da ba ka saba ba, ko kana shan maganin suga, to wannan ba aikin sikelin kicin ba ne, likita za ka gani kafin ka taɓa abincinka.

Abin da har yau ban samo wa dabara ba shi ne cin tire, ranar suna ko ɗaurin aure, mutum biyar hannu cikin faranti ɗaya. Ba yadda za ka fiddo sikeli gaban surukai. Ranar nan nakan rubuta 1,000 kawai in wuce, kuma Asabar mai zuwa akwai wani bikin a unguwar Gawon Nama.