Wa ya ba kwamitin gidanmu ikon yanke mana ruwa?

Wanda ya sayi sashe a gidan bene nan Katsina, ɗakunansa ne nasa shi kaɗai. Rufi, matakala, rijiyar burtsatse, tanki da katanga na kowa ne, kuma dole a haɗa kuɗin kula da su. Ban taɓa musun wannan ba. Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda kwamitin da muka zaɓa da hannunmu ya koma sarki a kanmu.

Mu goma sha biyu ne a gidanmu da ke wajen Ƙofar Ƙaura. Kowa na biyan naira 20,000 a wata, wato 240,000. Masu gadi biyu suna ɗaukar 80,000, man janareton tura ruwa 60,000, kwashe shara 20,000. Saura 80,000, wai ana ajiyewa don babban gyara. A shekara ɗaya kaɗai ajiyar ta kai 960,000. To famfon rijiya ya ƙone, sai ga takarda: kowa ya kawo 50,000 cikin mako guda. Ina ajiyar ta shiga? Na nemi takardar banki, shugaba ya ce, "Haba Malam, ba ka yarda da mu ba ne?" Ashe kuɗin ma asusunsa na kansa suke shiga!

Da Hajiyar da ke ƙasa ta ce sai ta ga lissafi, suka rufe bututun da ke kai mata ruwa. Dattijuwa mai marayu, tana sayen ruwa wurin 'yan garuwa alhali da kuɗinta aka haƙa rijiyar. Wallahi wannan zalunci ne.

Ikon kwamiti ba daga sama yake saukowa ba. Yana cikin takardar cinikin da kowa ya sa wa hannu da kuma tsarin mulkin ƙungiya, kuma namu cewa ya yi a tara kuɗi, a yi gyara, a kawo lissafi gaban taro. Babu layin da ya ce a yanke ruwa, babu wanda ya ce mutum uku su aza sabon kuɗi ba tare da ƙuri'ar masu gida ba. Kuɗin da ba a biya ba bashi ne, a rubuta wa mutum takardar nema, in ya ƙi a kai shi kotu.

Kuma ƙungiyar ko rajista ba ta da ita. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba da damar a yi wa irin wannan ƙungiya rajistar amintattu, ta buɗe asusu da sunanta, mu kuma mu sa sharaɗin sai mutum biyu sun sa hannu kafin a cire ko kwabo. Mun kawo maganar a taro, suka ce ɓata kuɗi ne.

Ni dai 50,000 ɗina na nan a ajiye. A buɗe wa Hajiya ruwanta, a kira taro, a kawo takardar banki da rasiɗin mai gyara, ranar zan biya.